Kafin Ki Je Asibiti, Rubuta Ranar da Jini Ya Fara

A ɗakin ganin likita ko a teburin malamar awo, akwai tambayar da kusan kowace mace sai an yi mata: "Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?" Amsar da aka fi ji ita ce "wajen tsakiyar watan jiya", ko "bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki", wata kuma ta juya ta dubi wadda ta rako ta ko za ta tuna mata. Duk abin da aka faɗa, likita zai mayar da shi kwanan wata ya rubuta a kati, kuma a kan wannan kwanan watan zai ɗora sauran lissafinsa: ko akwai ciki, makonsa nawa, wace rana za a ɗebi jini, wane magani ne bai kamata a ba ta ba tukuna. Idan ranar ta goce da mako guda, duk abin da aka ɗora a kanta ya goce da mako guda.

Layi yana da tsawo a asibitocinmu, lokacin ganin likita kuwa gajere ne. Ga kuma kunya, musamman idan likitan namiji ne ko surukar mutum na zaune a gefe. Mace ta kwashe wata shida tana fama, amma da ta zauna sai ta dunƙule komai a magana ɗaya: "Al'adata ce ta rikice." Gaskiya ta faɗa, sai dai maganar ba ta nuna wa likita inda zai dosa ba, domin rikicewar al'ada iri-iri ce, kuma kowane iri da gwajinsa. Abin da ke warware ta shi ne ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, da biro, da minti biyu kowane dare.

Ranar farko, ba ranar wanka ba

Matan Hausawa ba baƙin lissafin al'ada ba ne. Salla da azumi sun sa yarinya tun tana budurwa take sanin kwanakinta, take lura da bushewa ko farin ruwan da ke nuna tsarki ya samu. Amma a wannan lissafin ranar da ta fi zama a rai ita ce ranar wanka, ranar da aka koma salla. Shi kuwa asibiti daga ɗaya ƙarshen yake fara ƙirga. Rana ta ɗaya a wurin likita ita ce ranar da jini ya fara zuba sosai, har aka bukaci audugar mata ko ƙunzugu. Ɗan ɗigon da ke ɓata kamfai kwana ɗaya ko biyu kafin nan ana rubuta shi, amma ba daga shi ake fara ƙirga ba. Macen da ke yin kwana bakwai, idan ta ba da ranar wankanta a matsayin ranar al'ada, ta kai likita gaba da mako guda ba tare da ta sani ba. Ko kwanaki 280 da ake ƙirgawa don sanin lokacin haihuwa, daga wannan rana ta ɗaya ake soma su.

Tsawon zagayowar al'ada kuma shi ne kwanakin da ke tsakanin rana ta ɗaya ta wannan karon da rana ta ɗaya ta karo na gaba, kwanakin jini da na tsarki duka a haɗe. Mutane da yawa sun riƙe cewa 28 ne daidai, duk abin da ya saɓa masa ciwo ne. Ba haka ba ne. A ma'aunin da ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta sabunta a 2018, zagayowa daga kwana 24 zuwa 38 lafiya ce, jinin kada ya wuce kwana 8, kuma tazarar da ke tsakanin mafi gajeriyar zagayowa da mafi tsawo kada ta wuce kwana 7 zuwa 9, gwargwadon shekarun mace. Wasu likitocin har yanzu da 21 zuwa 35 suke aiki. Ko da wanne aka ɗauka, sai da kwanakin wata a rubuce ake iya gwadawa.

Idan da watan Musulunci kike lissafi, kada ki bar shi, amma ki rubuta kwanan watan bature a gefensa, don da shi asibiti ke aiki. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, saboda haka mai zagayowar kwana 29 ko 30 za ta riƙa ganin al'adarta kusan rana ɗaya a kowane wata. Mai kwana 26 za ta ga kullum tana riga lokaci, mai 33 ta ga kullum tana jinkiri, alhali kuwa duk ukun lafiyarsu ƙalau.

Abin da ake rubutawa kowane dare

A ja layi a raba shafi gida biyar: kwanan wata, rana ta nawa a zagayowa, jini, ciwo, sai gida na ƙarshe na sauran abubuwa da magungunan da aka sha. Kowace rana layi ɗaya, har da ranakun da babu komai. A irin waɗannan ranaku a ja ɗan karan layi kawai, domin gurbin da aka bari babu komai ba a san ko lafiya aka wuni ko mantawa aka yi ba.

Gidan jini shi ya fi bukatar natsuwa. Kalmar "da yawa" ba ta da ma'auni. Wadda ta tashi ta ga mahaifiyarta da yayyenta suna zubar da jini sosai za ta ɗauka haka kowa yake, ta ce nata daidai ne, alhali jininta na ƙarewa a hankali. Wata kuma nata daidai ne amma tsoro ya sa take ganin ya yi yawa. A littattafan likitanci an daɗe ana cewa abin da ya haura mililita 80 a al'ada ɗaya ya yi yawa, amma babu mai awon wannan a gida. Abin da za a iya ƙirgawa shi za a rubuta: auduga nawa aka canza daga safe zuwa safe, kuma kowace ta jiƙe sharkaf ne, ko rabi, ko ɗan tabo ne kawai. Wannan bambancin yana da muhimmanci, domin wata tana canzawa ne a duk lokacin da ta shiga bayi saboda tsafta, wata kuma tana barin guda ɗaya ta wuni saboda tsadar auduga. Mai amfani da ƙunzugu ita ma haka za ta ƙirga, ta kuma gaya wa likita cewa tsumma ne, ninki nawa take yi masa.

Akwai abubuwa huɗu da idan sun faru lallai a rubuta su a ranar: jini ya ratsa har ya ɓata zani ko shimfiɗa, an tashi cikin dare don canzawa, an haɗa auduga biyu a lokaci ɗaya, ko gudajin jini sun fito. Gudaji a faɗi girmansu da abin da kowa ya sani, kamar ƙwayar wake, ko goro, ko abin da ya fi goro. Ƙananan gudaji a rana ta biyu ba abin damuwa ba ne. Waɗanda faɗinsu ya kai santimita biyu da rabi ko fiye, suna maimaituwa, alama ce ta zubar jini mai yawa.

Jinin da ya zo ba a lokacinsa ba, ko da ɗigo ne, a ba shi alama ta daban, a kuma rubuta ko bayan saduwa ya zo. Na san wannan ita ce maganar da ta fi nauyi a baki, shi ya sa ta fi cancantar a bar wa takarda ta faɗe ta. Jini bayan saduwa yana sa likita ya duba bakin mahaifa da idonsa, kuma sau da yawa abin da ake samu mai sauƙin magani ne, kamar ciwon sanyi ko ɗan tsiro. Amma ita ce kuma alamar da sankarar bakin mahaifa ke fara nunawa, ciwon da ake cin ƙarfinsa idan an kama shi da wuri.

A gidan ciwo, asibitoci kan ce a ba shi maki daga 0 zuwa 10. Ni na fi ganin amfanin mataki uku da ke nuna abin da ciwon ya hana: 1, ina jin sa amma ina aikina, 2, sai da na sha magani, 3, ya kwantar da ni, ban yi girki ba, ban je aiki ko makaranta ba. A ƙara da wurin da yake, mara ce ko baya ko gefe ɗaya, da kuma lokacin da ya fara. Ciwon mara da ke zuwa tare da jini ya lafa cikin kwana biyu ko uku, wanda mace ta saba da shi tun budurci, daban yake da wanda ke farawa kwanaki kafin jini, yana ƙaruwa shekara bayan shekara, yana kuma taso wa mace lokacin saduwa ko lokacin bayan gida. Na biyun yana sa a yi zargin ciwon da naman da ke kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta. Mata kan yi shekaru da shi ana ce musu su yi haƙuri, ciwon mara ne kawai, in sun haihu zai wuce.

Gida na ƙarshe na jiri ne, da haki in an hau bene ko an yi ɗan tafiya, da bugun zuciya, da kwaɗayin cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, waɗanda duk suna iya nuna ƙarancin jini. Nan ne kuma wurin ruwan da ke fita daga gaba, launinsa da warinsa da ko yana ƙaiƙayi. Mai fama da ciwon kai mai tsanani, ko ɓacin rai da kuka ba dalili, ko farfaɗiya, ko asma, ta rubuta ranakun da suka taso. Likitoci ba sa tabbatar da cewa ɓacin rai na da alaƙa da al'ada sai an yi rubutun kullum na zagayowa biyu, aka ga yana zuwa kafin jini, yana tafiya bayan jinin ya fara, ana kuma samun kwanakin sarari a tsakani.

Yadda likita ke karanta shafin

Mu ƙaddara wata mata mai shekara 31, ta yaye ɗanta shekara biyu da suka wuce, tana son ƙarin haihuwa shiru. Ƙorafinta shi ne al'adarta ta rikice, kowane wata sai ta ƙara gaba, ga kasala. Ta yi rubutu na wata uku da 'yan kai. Ranakun da jini ya fara su ne 3 ga Janairu, 5 ga Fabrairu, 8 ga Maris da 11 ga Afrilu, a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28.

Daga 3 ga Janairu zuwa 5 ga Fabrairu kwana 33 ne. Daga nan zuwa 8 ga Maris kwana 31. Daga nan zuwa 11 ga Afrilu kwana 34. Mafi gajarta 31, mafi tsawo 34, tazarar kwana 3 kacal. Ashe lokacin zuwan al'adarta bai rikice ba. Zagayowarta ce ta fi wata tsawo, shi ya sa take ganin ranar na matsawa gaba.

Matsalar tana gidan jini. Kowane karo kwana 9 take yi. A rana ta biyu da ta uku ta canza auduga 8 kowace rana, shida daga ciki sharkaf, ta tashi sau biyu cikin dare, ga gudaji girman goro. Babu jini a tsakanin al'ada, babu bayan saduwa. Ciwo mataki na 2. A gida na ƙarshe ta rubuta jiri da haki sau da yawa, ta kuma rubuta cewa fitsari na yawan matsa mata.

Likitan da ya ga wannan shafin ya riga ya rage hanyoyin da zai bi. Al'adar da ke zuwa a kan kari alama ce mai ƙarfi cewa ƙwai na fita kowane wata. Jini mai yawa tare da lokaci daidai yana karkata hankali ga ita mahaifar kanta, musamman ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita ƙwarai a tsakanin matan Afirka, kuma idan ya girma yakan danne mafitsara. Don haka zai tura ta hoton ciki, ya kuma sa a auna jininta. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ba ta da ciki idan sinadarin jan jininta ya gaza giram 12 a kowace desilita tana da ƙarancin jini, wanda ya yi daidai da kusan 36 a gwajin da ake rubutawa PCV a takardun asibitocinmu. Da a ce ranakunta sun nuna kwana 45, sai 62, sai 38, da wata hanya zai bi: zai yi zargin ƙwai ne ba ya fita a kai a kai, ya tambayi ƙarin ƙiba, gashi a haɓa, ruwan nono ba tare da shayarwa ba, ya duba maƙoƙo, ya nemi gwajin sinadaran jiki. Ƙorafi ɗaya ne a baki, gwaji biyu mabambanta, kuma kowanne kuɗi ne. Shafin ne ya hana a kashe kuɗin a inda ba nan ciwon yake ba.

Ranakun nan sun kuma taimaka mata a maganar haihuwa. Ƙwai yakan fita ne wajen kwana 14 kafin al'ada ta gaba, ba kwana 14 bayan wadda ta wuce ba. Ga mai kwana 28 duka biyun sun haɗu a rana ɗaya, shi ya sa ake ta cewa rana ta 14. Ga wannan matar kuwa, 31 a cire 14 saura 17, 34 a cire 14 saura 20, wato ƙwanta na fita tsakanin rana ta 17 da ta 20. Maniyyi na iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuwa ba ya wuce yini da kwana ɗaya, saboda haka kwanakin da ta fi yiwuwar ɗaukar ciki su ne daga rana ta 12 zuwa ta 20, mafi ƙarfi na ƙarshe-ƙarshensu. Idan mijinta matafiyi ne, ko tana da abokiyar zama ana rabon kwana, sanin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka gwajin jinin da ke tabbatar da fitar ƙwai, na sinadarin furojestaron, wanda aka saba cewa a yi a rana ta 21. Ainihin ƙa'idarsa kwana 7 ne kafin al'ada ta gaba. Ita nata wajen rana ta 26 ya kamata. Idan aka ɗebi jininta a rana ta 21, sinadarin bai gama hawa ba, sai sakamako ya nuna kamar ba ta fitar da ƙwai, har a ɗora ta a kan maganin da ba ta bukata.

Inda rubutun ke lalacewa

Babban abin da ke ɓata shi shi ne cike gurbi daga baya. A bar littafi mako biyu, daren zuwa asibiti a zauna a cike shi da tunani. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ranar da ta fi muni ta shafe sauran, don haka gara a bar gurbin a rubuta "na manta". Masu amfani da manhajar waya su ma su lura: ranar da manhaja ta yi hasashe daban, ranar da jini ya zo daban, kuma ta biyun likita ke so.

Na biyu shi ne ɓoye magani. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku da wanda ake sawa a dantse sukan sa ɗigo na makonni ko al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, robar mahaifa mai jan ƙarfe takan ƙara yawan jini, ƙwayar da ake sha bayan saduwa takan matsar da al'ada gaba ko baya. Idan ba a faɗa ba, za a shiga neman ciwon da babu shi. Haka maganin da aka saya a kemis, da jiƙo, da matsi, da kayan mata: a rubuta su, in da hali a tafi da kwalin ko kwalbar. Kwana biyu kafin zuwa asibiti kuma a dakatar da matsi da wanke ciki da sabulu ko wani haɗi, don suna ɓoye abin da ake son a gani.

Na uku ya shafi addini, kuma ina faɗarsa da girmamawa. A mazhabar Malikiyya iyakar haila kwana 15 ne, abin da ya wuce iyakar da aka ɗibar wa mace kuwa jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da salla. Wannan hukuncin ya warware maganar ibada. Maganar lafiya tana nan. Macen da ke yin kwana 12 kowane wata tana cikin iyakar haila a fiƙihu, amma ta wuce kwana 8 na likita, kuma jininta na iya yin ƙasa. Wadda malam ya ce mata jinin ciwo ne, sunan ma ya isa ya kai ta asibiti.

Wadda ba ta rubutun boko ta yi da ajami, ko da alamu: da'ira cikakkiya ranar jini mai yawa, rabi ranar kaɗan, ɗigo ranar ɗigo, a jikin kalandar bango ko a takardar da ita kaɗai ta san inda take.

Daren zuwa asibiti

Zagayowa uku ita ce gwargwadon da ke nuna tsari, amma ko ɗaya aka samu a tafi da ita. A daren, a buɗe sabon shafi a taƙaita: ranakun farko na al'ada uku ko huɗu na baya, kwanakin da jini ke yi, ranar da ta fi tsanani da adadin audugarta, da watan da aka fara ganin canji. A ƙasa a rubuta ciki nawa aka yi, haihuwa nawa, ɓari nawa, ko an taɓa yin aiki, ko an taɓa ƙarin jini, ko ana shayarwa, da ciwon da ake da shi kamar hawan jini, suga ko sikila. Idan akwai yawan haɓo ko zubar jini bayan haihuwa ko cire haƙori, a jikinki ko a danginku, shi ma a sa. A haɗa tsofaffin takardun gwaji da na hoto a leda ɗaya. Sannan a rubuta tambaya biyu ko uku da ba a son a fito ba a yi su ba. Mai neman haihuwa ta je bayan shekara ɗaya ana saduwa babu ciki, ko wata shida idan ta haura shekara 35, kuma su je tare da maigida, don shi ma akwai nasa gwajin.

Akwai lokutan da ba a jiran littafi ya cika. Idan kina jiƙa auduga sharkaf kowace awa har awa biyu ko fiye a jere, ko jiri na neman kayar da ke, ki tafi asibiti a lokacin, ko cikin dare ne. Idan kin yi ɓatan wata sai ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini ko babu, wannan na iya zama ciki a wajen mahaifa, wanda in ya fashe yana kisa cikin awoyi. Ciwon mara da zazzaɓi da ruwa mai wari shi ma na ranar ne. Uwar da al'adarta ta ɗauke shekara guda cif, sai kuma ta ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, kada ta ce al'ada ce ta dawo, a kai ta a duba ta cikin makon. 'Yar'uwa, in ɗaya daga cikin waɗannan ya same ki, kada jinin da ke jikinki ya sa ki ce sai kin yi tsarki za ki je. Ki ɗauki littafin yadda yake, ki nemi mai raka ki, ku tafi.